Jumia, shafinka, ko shago? Lissafin mai ɗinkin hula, ku zo mu buga

1/
Duk wanda ya fara sana'ar hannu, shawara uku ake ba shi. Wani ya ce "sa a Jumia ko Jiji", wani ya ce "buɗe shafi a Instagram", dattawan gida kuma su ce "kama shago, mutum ba ya zama ɗan kasuwa a waya". Ni dai ra'ayina: ga mai yin kaya da hannunsa, kaɗan-kaɗan, shafinsa ne gida, sauran biyun a bi su a hankali. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/
Da hula zan yi misali don ita na sani. Yayata tana ɗinkin hular hannu, ita da wasu mata uku a unguwarmu a Kano. Ni ne mai riƙe mata waya da littafin lissafi tun ina aji ɗaya a jami'a, yanzu ina aji uku. Kwanan nan ta kwashi adashi, naira dubu 600, gida ya rabu biyu a kan abin da za a yi da kuɗin. Kawunmu shago yake so. Ni na ce a tsaya tukuna a buga lissafi.

3/
Abu na farko, kuma shi ne mutane ke tsallakewa: guda nawa kake iya yi a wata? Hula mai cikakken aiki takan ci mace ɗaya wajen sati biyu, don ba ita kaɗai ce hidimarta ba, ga girki ga yara. Mata huɗu ke nan, hula takwas a wata. Ko mutum dubu suka yi layi, takwas ɗin nan ce dai. Hannu ba inji ba ne.

4/
Ga kuɗin kowace hula a littafinmu. Zare da yadi, dubu 4. Ladan mai ɗinki, dubu 9. Haɗawa, wanki da guga, dubu 2. Jimla dubu 15. Muna sayarwa dubu 25. Riba dubu 10 a kan kowace, wato dubu 80 a wata in an sayar da duka. Ku riƙe wannan dubu 80 ɗin, ita ce za mu riƙa yanka a kowace hanya mu ga abin da zai rage. Farashin naku zai bambanta, ku sa naku lambobin.

5/
Kafin waya ta shigo harkar, Yaya dillali take ba wa, ya kai kasuwa. Yana karɓa a dubu 18. Ribar dubu 3 ke nan a hula, dubu 24 a wata. Ban ce dillali azzalumi ba ne fa, shi ma yana da haya da jiran mai saye. Amma duk hanyar da za mu ɗauka, dole ta fi wannan dubu 24 ɗin, in ba haka ba wahalar banza ce.

6/
Mu fara da shago, tunda shi ne ke neman cinye adashin. Ɗan ƙaramin shagon da Kawu ya gano a bakin titi, dubu 480 aka ce a shekara, kuma a dunƙule ake biya. Dubu 40 ke nan a wata. La'adar dillalin shago kashi goma, dubu 48, wato dubu 4 a wata. Tun kafin a sa kanta ko gilashi, dubu 528 ta tafi daga cikin 600.

7/
Wa zai zauna? Yaya in ta zauna a shago ɗinki ya tsaya, ni kuma ina da lacca. Sai a ɗauki yaro, a ce dubu 20 a wata. Wuta, kuɗin gadi, shara da masu zuwa da rasit, mu sa dubu 8. Haɗa duka: 40, 4, 20, 8. Dubu 72 a wata. Cire daga dubu 80. Saura dubu 8. An yi wa mai shago aiki wata guda, an tashi da abin da bai kai rabin na dillali ba.

8/
Kuma wannan lissafin watan da aka sayar da takwas ɗin cif ne. Watan da aka sayar da biyar, riba dubu 50 ce, shago ya ci 72, sai an nemo dubu 22 daga aljihu. Haya ba ruwanta da damina ko watan da mutane ke fama da kuɗin makarantar yara.

9/
Akwai wata matsalar da ta fi haya ciwo: shago sai da kaya a ido. Hula tana da lamba. Yawancin manya suna tsakanin 21.5 zuwa 23.5 a inci, rabi-rabi, lamba biyar ke nan. In kana son mai shigowa ya samu kalar da ta dace da shaddarsa, ka ajiye ko da kala shida. Biyar sau shida, hula 30. Jarin dubu 450 ne a kwance, kuma aikin kusan wata huɗu ba tare da an sayar da ko ɗaya ba.

10/
Da na nuna wa Kawu wannan, sai ya ce, "To ɗana, ai sai a saro na kasuwa a cika kanta." Na ce, "Gaskiya ne Kawu, amma daga ranar ta zama mai saye da sayarwa, ba mai ɗinki ba." Ba laifi ba ne, sana'a ce mai kyau. Wata sana'ar ce dai daban, kuma a cikinta za ta yi gogayya da 'yan Kasuwar Kurmi da suka gaji abin tun kakanni, suna da jari da masu kawo musu kaya daga ko'ina.

11/
Kar a ce na zalunci shago. Abin da yake bayarwa babu mai bayar da shi: mutum ya ɗauki hula, ya juya cikinta, ya kafa a kansa, ya dubi madubi, ya biya. Babu "ta yi min yawa", babu "ba kalar da na gani ba ce". Sannan dattijon da zai sayi hular dubu 50 ba ya tura kuɗi ga wanda bai san ƙofarsa ba. Wannan amanar ita ake saye da kuɗin haya. Tambayar ita ce ko hula takwas za ta iya biyan ta.

12/
Masu cewa shago ne tabbas, su ma su tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ta Monday Market a Maiduguri a 2023. Allah ya kiyaye gaba. Ina nufin dai ko'ina akwai nasa haɗarin.

13/
Yanzu kasuwar intanet. Mutane suna haɗa su a kwano ɗaya, alhali iri biyu ne. Akwai irin Jumia: su ke karɓar kuɗin mai saye, kaya ya bi ta hannunsu, su cire kamishonsu, su biya ka daga baya. Akwai kuma irin Jiji da Facebook Marketplace: allon talla ne kawai, mai saye ya gani ya kira ka, ku ƙarasa cinikin tsakaninku.

14/
Iri na farko. Kamisho ya danganta da rukunin kaya kuma yana canzawa, don haka ka karanta jadawalinsu kafin ka sa farashi. Don misali mu ƙaddara kashi 15 ne. A hular dubu 25, naira 3,750 ta fita. Kwali, leda da kuɗin adaidaita zuwa wurin ajiye kaya, mu ce 1,500. Ribar dubu 10 ta koma 4,750. Sau takwas, dubu 38. Ta fi dillali, ta fi shago nesa.

15/
To me ya sa ban ce a tare a can ba? Saboda an gina wurin ne don kaya iri ɗaya masu yawa. Mai caja ɗari zai ɗauki hoto sau ɗaya, ya rubuta bayani sau ɗaya, ya sayar sau ɗari. Hular hannu kuwa kowace da zanenta da lambarta. Sai ka yi mata hoto, ka rubuta bayani, ka jira a amince, a saye ta, shafin ya mutu. Gobe ka sake daga farko.

16/
Sannan ga maƙwabta. Wanda ya rubuta "hula" a wurin nema zai ga taka ta dubu 25 kusa da ta inji ta dubu 4, a hotuna 'yan ƙanana masu girma ɗaya. A wannan girman ba a ganin bambancin aikin sati biyu da na minti talatin. Da ya danna a jera masa daga mafi araha, kai ka koma can ƙasa inda ba mai zuwa.

17/
Ga jiran kuɗi kuma. Matan nan uku ba sa jiran ranar biyan kamfani, ranar da suka kawo hula suke son ladansu, don da shi za a yi cefane. In an dawo da hula saboda ba ta shiga kai ba, ta yi tafiyar sati biyu ko fi a kwali, ta dawo a murɗe, sai an sake kai ta wanki. Dubu 2 ta sake fita daga 4,750.

18/
Amma abin da ya fi damuna shi ne wannan: wanda ya saya ba kwastomanka ba ne, na kamfanin ne. Ciniki ya ƙare, zumunci ya ƙare. A harkar hula kuwa riba tana wurin dawowa. Namijin da ya samu wanda ya san lambar kansa da irin zanen da yake so ba ya canzawa, ƙaramar Sallah zai dawo, babba zai dawo, bikin ƙaninsa zai kawo abokai.

19/
Iri na biyu, su Jiji, na fi ganin amfaninsu. Ba sa shiga cinikinka, kuɗinsu yana wurin ɗaga talla sama in kana so. Kuma suna da abu ɗaya da shafinka ba shi da shi: wanda ya shigo can nema ya zo yi. Bahaushen da ke aiki a Fatakwal, ko Bayaraben da abokinsa zai yi aure a Kaduna, ba su san sunan shafinka ba, amma za su rubuta abin da suke nema.

20/
Sai dai ka shirya wa masu tayi. Za ka ce 25, a ce maka "8 na ƙarshe". Kar ka ji haushi, wurin haka yake. Yadda na ga ya dace: hula biyu ko uku mafi kyau, farashi a rubuce ƙarara, bayani ya nuna aikin hannu ne kuma ana yi bisa oda. Wanda ya yi maganar hankali ka ja shi WhatsApp. Allo ne a bakin hanya, ba a kwana a gindinsa.

21/
To, shafinka. A wurinmu Instagram ne da TikTok don a gani, WhatsApp don a yi ciniki. Kuɗin da ke fita a wata: data dubu 6, kwali da leda 500 sau takwas dubu 4, ɗan tallan da nake biya wa bidiyo ɗaya dubu 5. Dubu 15. Kuɗin aike mai saye ke biya. Daga dubu 80, saura 65.

22/
Ku jera su: shago dubu 8, dillali 24, kasuwa mai kamisho 38, shafi 65. Amma kar kowa ya ɗauki hoton wannan ya tafi yana cewa shafi kyauta ne. Akwai ma'aikacin da ba a sa albashinsa a ciki ba, ni ne. Saƙo ashirin kafin ciniki ɗaya ya faɗa. "Nawa?" alhali farashin yana jikin hoton. "Zan dawo." Ƙarfe ɗayan dare wani na tambaya ko akwai ruwan toka. Lokacin jarabawa kuwa sai ka zaɓa, karatu ko amsa saƙo.

23/
Dalilin da ya sa duk da haka na tsaya a kan shafi: shi kaɗai ne wurin da ƙarancin kaya ba aibi ba ne. A shago kanta babu kaya abin kunya ne. A shafi kuwa "ta wannan watan ta ƙare, ana karɓar odar wata mai zuwa" ƙara wa kayan daraja yake. Ba ka ajiye hula 30, kana ɗinka wadda aka riga aka biya rabin kuɗinta.

24/
Rabin kuɗin nan shi ne ƙashin bayan komai. Dubu 12,500 kafin a sa allura. Ta biya zare da yadi, ta kusa biyan ladan mai ɗinki. In mutum ya ɓace, hular tana hannunmu, za a sayar wa wani. Jarin Yaya bai kwanta ba. Kuma wanda ya ƙi ba da rabi, galibi dama ba saye zai yi ba, ya rage maka surutu.

25/
Shafi kuma shi ke ba ka damar nuna abin da ƙaramin hoto ke ɓoyewa. Bidiyon da ya fi kawo mana oda ba na gayu ba ne. Juya hular kawai na yi, na nuna cikinta kusa-kusa: inda aka ƙulle zare, inda aka canza kala, ɗan bambancin da ke tsakanin ɗinki da ɗinki. Ta inji za ka ga komai ya tafi daidai kamar an buga da hatimi. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ya daina tambayar me ya sa dubu 25.

26/
Inda shafi ke kasa shi ne inda shago ke da ƙarfi, wato gwaji. Ba na karɓar "ina jin 22 nake sawa". Ko dai ka je wurin tela ya zagaya maka tef a kai, ta goshi, sama da kunne kaɗan, ka turo hoton tef ɗin. Ko ka auna cikin tsohuwar hular da ke yi maka daidai. Mai wankin hula yana iya ɗan buɗa ta a kan itacensa, amma kaɗan ne. Wadda ta yi yawa kuwa sai haƙuri.

27/
Kala ma haka. Hoton da aka ɗauka a ƙarƙashin farin ƙwai da dare ƙarya yake yi, ruwan ƙasa ya koma ruwan toka. A inuwa nake ɗauka da safe, in ɗora hular a kan farin yadi. In mutum yana son ta shiga da wata shadda, ya turo hoton shaddar a waje, ni kuma in jera zarurruka kusa da juna in tura masa ya zaɓa kafin a fara.

28/
Maganar kuɗi: hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga balas ya ƙaru. Wani ya taɓa turo mana rasit mai kyau har da hatimi, yana ta azalzala wai direba zai tashi. Na ce sai ya shigo. Har yau bai shigo ba, hular kuma wani ya saye ta. Gaggawar nan ita ce alamar, mai gaskiya yakan jira minti goma.

29/
Su ma masu saye tsoro suke ji, kuma da hujjarsu, an cuci mutane da yawa a shafukan bogi. Abin da ke kwantar musu da hankali: sunan asusu ya dace da sunan da suka sani, bidiyon hularsu tana rabin aiki, sannan ranar aike a tura musu hoton kwalin da lambar direba daga tasha. In aka ba direba kaya, a rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin kwalin, ba a wata 'yar takarda da za ta faɗi ba.

30/
Wani abin kuma, "shafinka" suna ne kawai, aro aka ba ka. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida. Gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara. Ga masu satar shafi ta hanyar roƙon lambar sirrin da aka turo maka. Kunna Two-step verification yau, kuma kar ka ba kowa lambar nan ko da ya ce daga kamfani yake.

31/
Shi ya sa dukiyar gaske ba mabiya ba ce. Littafi ne mai bango ja a ɗakin Yaya: suna, lambar waya, lambar kai, kalar da ya saya, wata da shekara. Mutum sittin da ke cikin littafin nan sun fi mana mabiya dubu uku amfani. Ka roƙi kowane kwastoma ya ajiye lambarka, don saƙon Broadcast na WhatsApp ba ya isa ga wanda bai ajiye ta ba, kuma jeri ɗaya mutum 256 yake ɗauka. Mu da muke da hula takwas, ina za mu kai 256?

32/
Da littafin nake tsara Sallah. Tun watan Rajab nake tura wa tsofaffin kwastomomi saƙo, don abin da za a iya ɗinkawa daga nan zuwa ƙarshen azumi bai wuce hula ashirin da 'yan kai ba, kuma a azumi hannu yana raguwa. In gurbi ya cika na rufe. Karɓar odar da ba za a gama ba ita ke kashe shafi, mutum ɗaya da ya yi Idi babu hularsa zai faɗa wa duniya. Odar abokan ango guda goma iri ɗaya kuwa, in bikin bai kai wata biyu ba, ba ma karɓa.

33/
To yaushe shago zai yi ma'ana? Ma'aunina: in kuɗin riƙe shi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ribar wata ba. Dubu 72 sau huɗu, dubu 288, wato hula 29 a wata. Mata goma sha biyar ke nan suna ɗinki, ba huɗu ba. Ko kuma a haɗa da wankin hula, wanda ke kawo mutane kowane mako ya riƙe haya. Ni a ganina kuɗin adashin nan ya tafi wurin zare da ƙarin hannu biyu ko uku tukuna.

34/
Akwai kuma hanya ta tsakiya da na kai wa Kawu, har ya ɗan sassauto: shagon tela. Wurin mai ɗinkin manyan kaya ne namiji ke tsaye da sabuwar shadda a hannu yana tunanin hular da za ta hau. Mun ajiye huɗu a wurin wani tela a unguwa, lamba 22 da 22.5 don su suka fi tafiya, yana ɗaukar dubu 2 a kan duk wadda ya sayar. Ribar dubu 8 ke nan babu haya, kuma mun samu adireshin da mai shakka zai je ya gani da idonsa, ko ya karɓi odarsa.

35/
Sharuɗɗan da muka yi da shi, a rubuce, kowa da kwafinsa: kowace hula da lambarta da hotonta. Tana cikin leda a gilashi, ba a rana ba, don rana tana cin kalar zare. Ba a ba da aro ko na zuwa ɗaurin aure ne. Ba a ba da bashi da sunanmu. Lissafi duk ranar Asabar, kuɗi ko hula. Wadda ta yi wata ɗaya ba ta tafi ba, mu ɗauko ta mu sa a Status, mu kai masa wata kalar.